Ƙwai biyu da safe: yunwar da yake jinkirtawa da ƙibar da ba ya ragewa shi kaɗai

Duk wanda ya taɓa zama a teburin mai shayi a Birnin Kebbi ko Jega da sanyin safiya ya san cewa ƙwai ya riga ya shiga karin kumallon mutanen gari. Ana fasa shi a kofi, a yanka masa albasa da attaruhu, a juye a kaskon da mai ya yi zafi, sannan a naɗe shi cikin burodi ko a ɗora shi bisa indomi. A cikin 'yan shekarun nan kuma wata magana ta yaɗu tsakanin masu son rage tumbi, wato cewa ƙwai da safe yana kashe yunwa kuma yana rage ƙiba. Rabin maganar gaskiya ne, kuma akwai bincike a bayansa. Ɗaya rabin yana da sharaɗi, kuma sharaɗin ne mafi yawan mutane ba su ji ba, shi ya sa za ka ga mutum ya yi wata biyu yana cin ƙwai kullum safiya amma wandonsa sai ƙara matse shi yake yi.

Kafin a je ga binciken, ya kamata a san abin da ke cikin ƙwan kansa. Babban ƙwan kajin gona yana da nauyin kusan giram 50 idan aka cire ɓawo. A cikinsa akwai furotin, wato sinadarin gina jiki, kusan giram 6, da kitse kusan giram 5, sitaci da sukari kuwa ba su kai giram 1 ba. Ƙarfin da yake ba jiki, wanda ake aunawa da kalori, kusan 70 ne. Mutane da yawa suna zaton duk furotin ɗin a farin ƙwai yake, alhali gwaiduwa tana ɗauke da kusan rabinsa, tare da dukkan kitsen. Ƙwan kajin gida da ƙwan zabi da ke cika kasuwanninmu da damina sun fi na gona ƙanƙanta, don haka idan ana lissafi, uku daga cikinsu ne za su tsaya kusa da matsayin manya biyu.

Ƙoshi ba cikar tumbi kaɗai ba ne. Idan da haka ne, da babban kwanon koko ya fi komai riƙe ciki, amma kowa ya san wanda ya sha koko zalla da ƙarfe bakwai, kafin goma da rabi cikinsa ya fara kira. Jiki yana sanar da ƙwaƙwalwa halin da ciki yake ciki ta hanyoyi da dama. Akwai miƙewar bangon tumbi idan abinci ya shiga, kuma wannan saƙon yana gushewa da zarar abincin ya wuce. Akwai wani sinadari da tumbi yake fitarwa idan babu komai a cikinsa, ana kiransa girelin, shi ne mai tayar da yunwa, yana hawa kafin lokacin cin abinci, yana sauka bayan an ci. Sannan akwai sinadaran da hanji yake saki idan abinci ya iso gare shi, irin su PYY da GLP-1, waɗanda suke rage saurin fitar abinci daga tumbi kuma suke gaya wa ƙwaƙwalwa cewa an samu abin da ake nema. Furotin ya fi sitaci ƙarfin motsa waɗannan sinadarai na ƙoshi, kuma ya fi daɗewa yana danne girelin. Abincin da aka yi da farin fulawa ko gasarar da aka tace aka zuba wa sukari kuwa yana narkewa da sauri, sukarin jini ya hau, jiki ya saki insulin don ya sauke shi, kuma ga mutane da yawa saukar da ke biyo baya bayan awa biyu zuwa uku ita ce wannan kasala da rawar ciki ta hantsi.

Akwai kuma wata ƙaramar riba da ake yawan kambamawa. Jiki yana kashe ƙarfi wajen narkar da abinci, kuma furotin ne ya fi cin wannan ƙarfi: kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na kalorin da ke cikinsa suna tafiya a aikin narkarwar, alhali na sitaci kashi 5 zuwa 10 ne, na kitse kuma bai wuce kashi 3 ba. Wannan gaskiya ne, amma idan aka lissafa shi a kan ƙwai biyu, abin da aka ƙone bai kai kalorin ƙwayar sukari ɗaya ta shayi ba. Wanda ya ce ƙwai yana ƙone kitse, daga nan ya samo maganar, kuma ya kai ta inda ba ta kai ba. Aikin ƙwai na gaske yana wajen yunwa.

A 1995 wata mai bincike a Jami'ar Sydney ta Ostireliya, Susanna Holt, da abokan aikinta suka ba mutane abinci iri 38, kowane iri da kalori 240 daidai, suka riƙa tambayarsu yadda suke jin ƙoshi har tsawon awa biyu. Suka ɗauki farin burodi a matsayin ma'auni, suka ba shi maki 100. Ƙwai ya samu 150, wato ya fi burodi riƙe ciki da rabi. Abin lura a nan, wanda masu tallar ƙwai ba sa ambata, shi ne ba ƙwai ne ya zo na ɗaya ba. Wake ya samu 168, kifi ya samu 225, dafaffen dankalin Turawa kuma ya haura 300. Ga mutumin Yawuri ko Argungu da kifi yake kusa da shi, wannan labari ne mai amfani, kuma zan dawo kansa.

Binciken da ya sa sunan ƙwai ya fita shi ne na Jillon Vander Wal da abokan aikinta a Amurka, wanda aka buga a 2005. Sun ɗauki mata 30 masu ƙiba, wata safiya suka ba su karin kumallo mai ƙwai, wata safiyar kuma suka ba su mai begel, wani burodi mai tauri da aka naɗe kamar gammo. Kalorin abincin biyu ɗaya ne, nauyinsu ma ɗaya. Da lokacin abincin rana ya yi aka bar su su ci iya son ransu, sai aka ga ranar ƙwai sun ci ƙasa da ranar burodi da kusan kalori 160, kuma sun ce yunwar da suka ji kafin nan ba ta kai ta ranar burodin ba. A 2010 aka yi makamancin wannan da maza 21, aka auna jininsu, aka samu girelin ya fi sauka kuma sukarin jini bai yi hawa da gangara sosai ba bayan karin ƙwai. Zuwa nan maganar ta tsaya da ƙafafunta: idan ƙwai ya maye gurbin burodi a kalori iri ɗaya, yunwa tana jinkiri, abincin rana yana raguwa.

Sai dai rage cin abincin rana na kwana ɗaya daban, rage ƙiba daban. Vander Wal da abokan aikinta sun bi sawun tambayar a wani aiki da aka buga a 2008, kuma a ganina duk wanda zai yi maganar ƙwai da ƙiba ya kamata ya san yadda aka tsara shi. Mutum 152 masu ƙiba, maza da mata, aka raba su kashi huɗu na tsawon mako takwas. Kashi biyu suna karin kumallo da ƙwai biyu, kashi biyu da begel, kowane kari kalori 340, aƙalla kwana biyar a mako. A kowane ɓangare kuma, kashi ɗaya an ɗora su a kan tsarin rage abinci na yini gaba ɗaya, ɗaya kashin an ce su ci gaba da cin abincinsu yadda suka saba. Cikin masu rage abinci, masu ƙwai sun sauke kusan kilo 2.6, masu burodi kusan kilo 1.6. Daga nan aka samo adadin da ya zagaya duniya, cewa ƙwai yana ƙara saukar nauyi da kashi 65 cikin ɗari, kuma idan aka fassara shi zuwa sikeli, bambancin kilo ɗaya ne a wata biyu. Cikin waɗanda ba su rage abinci ba kuwa, babu wani bambancin a zo a gani tsakanin masu ƙwai da masu burodi. Sun ci ƙwai biyu kusan kullum na wata biyu, nauyinsu bai gusa ba.

Wannan shi ne sharaɗin da na ambata tun farko. Ƙwai bai rage wa kowa ƙiba don kansa ba, abin da ya yi shi ne ya sauƙaƙa wa wanda ya riga ya ɗaura niyyar rage ci, domin wanda yunwa ba ta cizonsa da hantsi ya fi iya tsayawa a kan abin da ya tsara. Ya kamata a sani kuma cewa ƙungiyar masu sana'ar ƙwai ta Amurka ce ta ɗauki nauyin wannan bincike. Hakan bai mayar da shi ƙarya ba, amma dalili ne na duba abin da wasu suka samu a dogon lokaci. A wani gwaji da aka buga daga Ostireliya a 2020, masu rage abinci sun yi wata shida, wasu suna kari da ƙwai biyu, wasu da abincin hatsi na kwali da ake zuba wa madara. Dukkan ɓangarorin sun sauke nauyi sosai, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai a ce ƙwai ne ya kawo ta ba. Abin da ya sauke nauyin shi ne rage abincin.

Yanzu mu sauko gida, mu ɗauki misalin wani ɗan kasuwa mai shago a babbar kasuwar Birnin Kebbi, ɗan shekara 45, mai nauyin kilo 90, wanda yininsa a zaune yake. Alƙaluman da zan kawo kimantawa ce, domin burodin wani gidan ya fi na wani nauyi, hannun wani mai shayi ya fi na wani sakewa, amma ba za su yi nisa da gaskiya ba. Karin da ya saba shi ne burodi mai nauyin giram 120, wanda ke da kalori kusan 320 da furotin giram 10, da babban kofin shayi mai ƙwayar sukari huɗu da madarar gwangwani cokali uku, kalori kusan 140 da furotin giram 3. Jimla kalori 460, furotin giram 13. Da ƙarfe sha ɗaya ya ji cikinsa wayam, ya aika yaron shago ya sayo masa fanke da lemon kwalba mai sanyi. Lemon kaɗai, ƙaramar kwalba, kalori kusan 150 ne, kuma abin sha mai zaƙi ba ya barin ƙoshin kirki. Da azahar ya zauna gaban shinkafa da miya da yunwar da ba ta bari mutum ya tsaya a faranti ɗaya.

Da ya ji labarin ƙwai, abin da zai yi shi ne abin da kusan kowa yake yi: ya ce wa mai shayi ya soya masa biyu, ya ci da burodinsa da shayinsa kamar kullum. Ƙwai biyu kalori 140 ne. Amma cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa kalori 120 ne, kuma mai shayi ba ya aunawa, tsiyayawa yake yi daga gora, sau da yawa abin da ke shiga kasko ya kai cokali biyu, ƙwan da aka kaɗa kuma yana shanye mafi yawansa. Karin da yake 460 ya koma kusan 800. Ranar da ya ƙara da ƙaramar ledar indomi, wadda ta haura kalori 300, ya wuce 1,000 kafin ya buɗe shago. Gaskiya ne zai daɗe bai ji yunwa ba, wataƙila ma ya bar fanken hantsi, ya kuma rage shinkafar rana kaɗan. Amma ya ƙara kalori 340 da safe domin ya rage wataƙila 160 da rana, kuma ko an haɗa da fanken da ya bari, da ƙyar lissafin ya dawo daidai. A duk gwaje-gwajen da na ambata, ƙwai shiga ya yi a madadin wani abu, ba a kansa aka ɗora shi ba. Wannan bambancin ne ke raba wanda ya amfana da wanda ya ƙara teɓa.

Ga yadda karin zai kasance idan an bi abin da binciken ya gwada. Ƙwai biyu dafaffu, kalori 140, furotin giram 12. Burodin a raba shi biyu, a ci rabi, kalori 160, furotin giram 5. Shayi da madararsa amma da ƙwayar sukari ɗaya, kalori kusan 80, furotin giram 3. Jimla kalori 380, furotin giram 20. Ya rage 80 daga abin da ya saba, furotin ɗinsa kuma ya ƙaru da rabi. Idan ba ya son dafaffe, a soya da ƙaramin cokalin shayi na mai, wanda bai wuce kalori 40 ba, a cika shi da albasa da tumatir da tattasai domin ya yi auki. Wannan a gida ya fi sauƙi, amma ko a teburin mai shayi, wanda ya ce a rage masa mai ana rage masa.

A nan akwai wata gaɓa da nake ganin ba a ba ta haƙƙinta. Ƙwai biyu, duk sunan da suka yi, giram 12 ne kawai na furotin, kuma masu nazarin wannan fanni sun fi ganin ƙoshi mai ɗorewa idan furotin ɗin zama ɗaya ya kai giram 25 zuwa 30. Heather Leidy ta Jami'ar Missouri ta gwada wannan a 2013 da 'yan mata 20 masu ƙiba da suka saba fita ba kari. Ta ba su kari mai kalori 350, wani mai furotin giram 13, wani mai giram 35 da aka haɗa da ƙwai da naman shanu. Mai giram 35 ɗin ne ya fi riƙe su, har ya rage musu ciye-ciyen kayan maiƙo da dare. Idan mutum zai cika giram 30 da ƙwai kaɗai, sai ya ci biyar kowace safiya, abin da aljihu ba zai ɗauka ba a farashin kiret na yanzu, kuma babu mai ba da shawarar a yi haka. Hanyar ita ce a nema wa ƙwai abokin tafiya daga abin da ke cikin gida.

Abokin da ya fi dacewa a wurinmu shi ne wake. Dafaffen wake giram 150, kimanin ludayin miya biyu, yana da furotin kusan giram 12 da kalori kusan 175, idan ba a malala masa manja ba. Ga shi kuma da faiba, wato ɓangaren abinci da ciki ba ya narkarwa, wanda ke ƙara auki kuma yana rage saurin hawan sukari, abin da ƙwai ba shi da shi ko kaɗan. Idan ɗan kasuwarmu ya ajiye burodin gaba ɗaya, ya ci ƙwai biyu da wannan waken da shayinsa mai sukari ɗaya, ya samu furotin giram 27 a kalori kusan 400. Alale da aka turara da ƙwai a ciki yana yin wannan aikin a kwano ɗaya. Ƙosai ma wake ne, shi ya sa koko da ƙosai ya fi koko zalla riƙe ciki nesa ba kusa ba, illarsa kawai man da yake sha a kasko. Kindirmo marar sukari, awara, ƙuli-ƙuli da aka daka a kan kwaɗon zogale, duk suna ƙara furotin. Kifi kuwa, wanda giram 100 na tsokarsa ke da furotin kusan giram 20, ya fi ƙwai biyu, kuma mun ga ya fi shi maki a ma'aunin Holt. Magidancin da ke ɗumamen tuwon shinkafa da safe, idan ya rage malmalar ya sa yanki mai kyau na kifi a miyar, ya yi abin da mai ƙwai ya yi ko fiye. Fifikon ƙwai shi ne ana dafa shi cikin minti goma, ana sa shi a aljihu, kuma adadinsa a ƙirge yake, mutum ya san abin da ya ci.

Wasu matasa masu motsa jiki suna fasa ɗanyen ƙwai su sha, ko su kaɗa shi cikin madara, da tunanin wuta tana kashe amfaninsa. Akasin haka ne. Wani bincike na 1998 ya nuna jiki yana narkar da kusan kashi 90 cikin ɗari na furotin ɗin dafaffen ƙwai, na ɗanye kuwa kusan rabi kawai. Ga kuma haɗarin ƙwayar cutar salmonela mai kawo zawo da zazzaɓi, musamman a zafin Kebbi na watan Afrilu inda ƙwai ke yini a rana a kan tire. Abu mai ruwa kuma yana wuce tumbi da sauri fiye da wanda aka tauna, don haka ko ta fuskar ƙoshi dafaffe ya fi.

Tambaya ta gaba ita ce ta wanda bai saba karin kumallo ba, shin ya fara ci domin ya rame. An daɗe ana cewa wanda ya tsallake kari yana ƙiba, amma da aka tattara gwaje-gwaje 13 a wani nazari da mujallar likitocin Birtaniya ta buga a 2019, sai aka ga masu kari suna cin kusan kalori 260 fiye da marasa kari a yini, nauyinsu kuma ya ɗara na marasa karin da ɗan abin da bai kai rabin kilo ba. Saboda haka wanda ba ya jin yunwa da safe, kuma ba ya rama ta da wawuso da rana ko da dare, babu dalilin tilasta masa ƙwai. Wanda zai amfana shi ne wanda yake kari da sitaci da sukari zalla, ko wanda yake fita ba kari sannan yunwa ta kai shi ga lemo da biskit da hantsi, ta kuma zaunar da shi gaban tuwo malmala uku da dare. Masu azumi sun san wannan darasi a aikace, domin sahur da shayi da burodi ba ya kai mutum inda sahur da wake ko ƙwai ko fura da nono yake kai shi.

Maganar kolestarol, wato wani nau'in maiƙo da ke cikin jini da wasu abinci, ba za a tsallake ta ba, tunda yawancin masu son rage ƙiba sun haura arba'in. Gwaiduwar babban ƙwai tana da kusan miligiram 186. Ga mafi yawan mutane, kolestarol ɗin abinci ba ya ɗaga na jini sosai, domin hanta ce ke yin mafi yawansa kuma tana rage nata idan na abinci ya ƙaru. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta ce a 2019 mai lafiya yana iya cin ƙwai ɗaya a rana cikin abinci mai kyau. Wanda yake da ciwon sukari, ko ciwon zuciya, ko aka auna aka ce kitsen jininsa ya hau, ya kamata ya tattauna adadin da likitansa kafin ya mayar da biyu kullum al'ada, kuma yana iya cin ɗaya ya cike sauran da wake ko kifi. Mai ciwon ƙoda kuwa ƙara furotin kowane iri ba abin da zai yi da ra'ayin kansa ba ne. Mai ciwon sukari da ke shan magani ko allurar insulin shi ma ya lura, domin rage burodi da sukari kwatsam ba tare da an daidaita maganin ba yana iya sauke sukarin jininsa fiye da kima, alamarsa gumi da rawar jiki da jiri.

Mutane sun bambanta wajen yadda cikinsu ke amsa abinci, don haka ɗan kasuwarmu yana buƙatar hanyar gane ko canjin ya yi masa aiki. A makon farko kada ya canza komai, ya dai rubuta abu uku kullum: ƙarfe nawa ya fara jin yunwa, me ya saya tsakanin kari da azahar, kuma faranti ko malmala nawa ya ci da rana. A makonni biyu masu zuwa ya koma karin ƙwai da wake, ya ci gaba da rubuta waɗannan ukun. Idan yunwar da ke zuwa sha ɗaya ta koma ɗaya saura, fanke da lemo suka fita daga lissafi, farantin rana ya tsaya a ɗaya ba tare da ya danne zuciyarsa ba, to furotin ɗin yana aikinsa. Idan yunwar ta jinkirta amma farantin rana bai ragu ba, matsalar ba yunwa ba ce, sabo ne, wato yana cinye abin da aka zuba masa ko yana jin yunwa ko ba ya ji, kuma maganin wannan shi ne a rage zubin tun daga tukunya. Idan kuwa babu abin da ya canza, ya duba barcinsa, domin ƙarancin barci yana ɗaga girelin, ya kuma tabbatar ba ƙishirwa yake ɗauka a matsayin yunwa ba.

Sikeli kuma a hau shi sau ɗaya a mako, rana ɗaya, da safe kafin a ci komai, domin nauyin mutum yana iya motsawa da kilo ɗaya a yini saboda ruwa da gishiri kawai. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana daidai da kalori kusan 7,700. Idan ɗan kasuwar ya rage 60 a kari, ya bar lemo da fanke na kusan 300, ya rage 150 da rana, ya samu giɓin kusan 500 a yini, wanda a lissafi ya kai kusan rabin kilo a mako. A watannin farko abin da zai gani zai yi kusa da haka, daga baya saukar za ta ragu, domin jikin da ya rage nauyi yana ƙone ƙasa da da, yunwa kuma tana ƙoƙarin mayar da abin da aka rasa. A wannan matakin ne furotin yake da wani amfani na biyu, wato yana taimakawa abin da ke zubewa ya zama kitse ne fiye da tsoka, musamman idan an haɗa da tafiyar ƙafa ko wani aikin ƙarfi. Saboda haka ya haɗa da tef ɗin tela, ya auna ƙugunsa daidai cibiya duk mako biyu, domin akwai lokacin da sikeli zai tsaya cik amma tef ɗin ya nuna inci ɗaya ya tafi.